Yadda ake sayen abinci a Kumasi da tambayar abin da ke cikinsa, ga wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande

A Kumasi ta ƙasar Gana ba a cika miƙa wa mai saye takardar jerin abinci ba, sai fa a otal da manyan gidajen abinci. A Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Alabar ko bakin kasuwar Kejetia, tukwane ne a jere, kai ne za ka faɗi abin da kake so da kuɗin da za a zuba maka na kowanne. Wannan tsari yana da amfani ga mai borin jini, domin ana haɗa kwanonka a gaban idonka, abu ɗaya bayan ɗaya, kuma kana da damar cewa a tsaya. Matsalarsa ita ce abin da ke cutarwa yawanci ba ya ganuwa. An niƙa shi, ya narke cikin miya, ko yana jikin ludayi. Saboda haka tambaya ɗaya ta "akwai gyaɗa?" ba ta wadatarwa. Ana tambaya ne kashi-kashi, kuma ana tambayar wadda ta dafa.

Fara da sanin yadda ake odar

A ɗauki wakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi, wanda shi ke ba shi jan launin nan. Idan layi ya zo kanka, ka gaisa, sannan ka fara faɗin inda za ka ci: a nan, ko a ƙunshe maka a ganye, a leda ko a roba. Daga nan sai tushen abincin da kuɗinsa: "Hajiya, wakye na sidi 15." Sai kayan haɗi, kowanne da nasa kuɗin: taliya, garin rogo, ƙwai, wele (ganda ke nan), soyayyen kifi, nama, ganyen salak, wani wurin har da soyayyar ayaba. A ƙarshe ake zuba jar miya da shito, wato baƙin yajin da ake soyawa da mai, kuma su ba a tambayarka, hannu ne kawai ke kaiwa da kansa saboda sabo. Wanda zai ce kada a sa masa shito dole ya faɗa tun kafin a ɗebi shinkafar, ya kuma maimaita lokacin da ya ga hannu ya nufi kwanon shiton.

A wurin tuwo ko sakwara tsarin ɗaya ne: tuwo na nawa, wace miya, wane nama kuma guda nawa. Kuɗin da aka ambata a nan misali ne kawai, farashi yana canzawa. Idan ba ka san wurin ba, ka ce "daga nawa kuke farawa?"

Lokaci yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Da safe wajen ƙarfe 7, mai wakye tana da mutum goma sha a gabanta, 'yan makaranta suna miƙo kuɗi ta kowane gefe. Duk tambayar da ka yi a lokacin, amsarta "babu" ce, don a sallame ka. Idan wurin sabo ne gare ka, ka je lokacin da layi ya lafa, ko ka tsaya gefe ka ce, "Hajiya, in kin samu sarari ina da tambaya." Ka yi wannan binciken sau ɗaya da kyau, daga baya tunatarwa kawai za ka riƙa yi.

Ka faɗa a matsayin ciwo, ba a matsayin ƙi ba

Nan ne mafi yawan kuskure yake. Idan ka ce "ba na son gyaɗa", mai abinci ta ji maganar ɗanɗano. A ganinta idan ta sa kaɗan yadda ba za ka ji ba, ta cika maka burinka. Idan ka ce "ba na cin gyaɗa", ya ɗan fi, amma har yanzu tana iya tsame maka nama daga miyar gyaɗa ta ɗauraye shi da wata miyar, da zuciya ɗaya. Kalmar "alaji" kuma ma'aikatan asibiti da wasu matasa sun san ta, amma ba kowace mai tuwo ba. Abin da ke aiki shi ne ka ambaci abin, ka ambaci abin da yake yi maka, ka kuma ambaci ƙanƙantar abin da ya isa ya jawo shi. Ga gajerun jimloli da za a haddace:

- "Jikina ba ya karɓar gyaɗa. Ciwo ne, ba ƙi ba ne."
- "Ko ɗigo ɗaya na ci, bakina da maƙogwarona kumbura suke, numfashi ya gagara."
- "Likita ya hana ni. Sai an kai ni asibiti in na ci."
- "Ko ludayin da ya taɓa miyar gyaɗa kada ya taɓa nawa."
- "In ba ki tabbata ba, ki gaya mini, ba komai, zan sayi wani abu."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ta fi samar da amsar gaskiya. Mai sayarwa ba ta son ciniki ya wuce ta, ba ta kuma son a ce ba ta san abin da ke tukunyarta ba. Idan ka nuna mata cewa kuɗinka ba zai koma aljihu ba, za ta fi sakin jiki ta ce "gaskiya ban sani ba".

A kula da sunan abin. Mutanen zango da yawa gujiya suke ce wa gyaɗa, kamar yadda ake faɗa a Sakkwato da Nijar, alhali Bakano idan ya ji gujiya ko gurjiya, ƙwaruru yake ganewa. Baƙon da ya zo daga Kano ya tambayi gyaɗa, ko ɗan zango da ya tambayi gujiya wurin baƙuwa, suna iya samun "babu" a kan wani abu daban. Ka ambaci duka: "gyaɗa, gujiya, wadda ake ƙuli-ƙuli da ita." Haka jatan lande: a kasuwannin Kumasi an fi jin sunansa da yaren Asante, 'yan asalin garin, wato monko, don haka ka faɗi duka biyun.

Idan mai abincin Asante ce, ko yarinyar da ke zubawa ba ta jin Hausa, ga abin da ake buƙata da yaren Asante. An rubuta shi yadda kunnen Bahaushe yake ji, don a iya karantawa kai tsaye:

- "Mepa wo cew": don Allah. Da ita ake buɗe kowace tambaya.
- "Ediyen na ewo mu?": me ke ciki?
- "Nkatiye wo mu ana?": akwai gyaɗa a ciki? A wurin nkatiye kana iya sa monko (jatan lande), koto (ƙaguwa), kosuwa (ƙwai) ko nwa (dodon koɗi).
- "Miciri nkatiye": gyaɗa abin ƙyamata ce, an hana ni ita.
- "Se midi a, meyare": in na ci, ciwo nake yi.
- "Ebetumi akum mi": zai iya kashe ni.
- "Mfa nkatiye nka ho": kada ki haɗa da gyaɗa.

"Miciri" tana da nauyi, domin da ita Asante suke faɗin abincin da aka haramta wa mutum ko zuriyarsa, kuma ba su wasa da irin wannan hani. Amma ka bi ta da "se midi a, meyare", don a san lafiya ce. Amsoshin da za ka saurara: "ane" shi ne e, "dabi" a'a, "minnim" ban sani ba. Wadda za ka fi kasa kunne gare ta ita ce "kakra", wato kaɗan. Za a faɗe ta da murmushi don a kwantar maka da hankali. Ga mai wannan larura, "kaɗan" da "e" ɗaya suke.

Inda gyaɗa ke ɓuya

Miyar gyaɗa, wadda Asante ke kira nkatenkwan, ba ta ɓuya, kowa ya san ta. Ita ce abokiyar tuwon shinkafa, omo tuwo, musamman ran Lahadi. Haɗarin yana cikin miyoyin da sunansu ko launinsu bai nuna ta ba. Akwai nkatebe, haɗin miyar gyaɗa da ta kwakwar manja, wadda a ido ja ce kamar miyar kwakwa zalla. Akwai nkatenkonto, gyaɗa da ganyen gwaza, wadda kore ce. Duk sunan da ka ji "nkate" a farkonsa, ka bar shi. Miyoyin ganye na arewa irin na rama da yakuwa ana yawan sa musu gyaɗa. Abomu, wato ganyen gwaza da ake dakawa a kwanon ƙasa da ake kira asanka a ci da dafaffiyar doya ko ayaba, masu yi da yawa suna niƙa gyaɗa a ciki. Eto kuma, dakakkiyar ayaba ko doya da manja, da gyaɗa ake ƙawata shi, wasu ma a ciki suke cuɗa ta. Wasu masu dafuwa suna ƙara cokali ɗaya ko biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa a miyar kuka, ta busasshiyar kuɓewa ko ta agushi don ta yi kauri, kuma ba za su kira ta miyar gyaɗa ba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, "Da me kika kaɗa ta? Me ya ba ta kauri?"

Wurin mai tsire, wanda a nan ake kira cicinga, maganar a taƙaice take: a haƙura. Yajin tsire da garin ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, kuma ana barbaɗa wa naman tun yana ɗanye. Cewa "kada ka sa mini yaji" yana hana na ƙarshe ne kawai. Balangun da ba a shafa wa komai ba ma a kan waya ɗaya ya gasu, da wuƙa ɗaya aka yanka shi, a kan katako ɗaya. Kilishi da dakuwa gyaɗa ce ginshiƙinsu. Kunun garin soyayyar masara da ake kira tom burawun, wanda ake yawan ba yara, shi ma sau da yawa da gyaɗa da waken soya aka niƙa shi.

Koko shi kansa gero ne da citta da kanumfari da barkono, gyaɗar daga baya ake watsawa. Ka kalli hannun mai kokon: idan cokalin da ke ɗiban sukari shi ke ɗiban gyaɗa, ko kwanonin biyu suna manne har gyaɗa tana faɗawa cikin sukarin, ka karɓi kokonka ba sukari ka sa naka a gida.

Sai mai. A bakin Hausawa da yawa "man gyaɗa" suna ne na duk farin man girki, ko da ba gyaɗa a cikinsa. Farin man jarka da aka fi soya da shi a Gana galibi tataccen man kwakwar manja ne ko na waken soya. Man ƙuli kuwa, wanda mata ke matsewa a gida lokacin yin ƙuli-ƙuli, ba a tace shi ba, yana ɗauke da ragowar sinadarin gyaɗar da ke tayar da ciwon, kuma shi ne masu ƙosai da masa da wake da shinkafa suke so saboda ƙamshinsa. Don haka kada ka tambaya "man gyaɗa ne?", domin amsar ba za ta gaya maka komai ba. Ka ce, "Man ƙuli ne ko na jarka?" Idan an ce na jarka, ka tambaya ko ana haɗawa da na ƙuli, ka kuma nemi ganin jarkar. Jarkar da ba takarda a jikinta ba ta tabbatar da komai.

Wuta ba ta kashe abin da ke jawo borin gyaɗa. Tafasawa, soyawa da gasawa duk ba sa kawar da shi. Idan aka ce maka "ai ta dahu sosai", ka gode ka wuce.

Misali daga farko har ƙarshe

Uwa ce ta zo sayen tuwon zafi a Aboabo wa ɗanta mai shekara bakwai, wanda gyaɗa ke kumbura masa leɓe da fuska. A gabanta akwai tukunyar tuwo, miyar ayoyo, miyar kuka, jar miya mai nama, da miyar gyaɗa a can ƙarshe. Yarinya ce ke zubawa, mai abincin tana zaune tana karɓar kuɗi.

Matakin farko, ta wuce yarinyar ta nufi mai abincin.

"Salamu alaikum, Hajiya, ina wuni? Ke kika dafa miyar yau?"

"Ni ce, 'yata. Me za a zuba miki?"

"Yarona ne gyaɗa ba ta karɓe shi ba, gujiya nake nufi. Ko kaɗan ya ci sai asibiti. Miyar ayoyon nan da me da me kika yi ta?"

Ba ta ce "babu gyaɗa, ko?" ba. Tambayar da ta ɗauko amsarta a baki, "e" kawai take samu. Ta bar Hajiya ta lissafa da kanta.

"Ayoyo ne, da daddawa, da garin kifi, da 'yar kanwa, da magi."

"Jar miyar fa? Da wane mai?"

"Man jarka ne."

"Ana haɗa shi da na ƙuli?"

"A'a, na ƙuli ya yi tsada yanzu."

Amsa mai dalili irin wannan ta fi abin dogara a kan "a'a" zalla. Mataki na biyu shi ne nama. A wurare da yawa nama yana yawo tsakanin tukwane: idan na jar miya ya ƙare, a tsamo daga miyar gyaɗa a mayar. Sai ta tambaya, "Naman nan a cikin jar miyar ya dahu, ko an tsamo shi daga wata?" Idan an ce tare ake tafasa shi sannan a raba wa kowace miya nata, babu laifi, muddin bai dawo daga ta gyaɗa ba.

Mataki na uku, ido. Ta tsaya ta kalli yadda ake sallamar mutum biyu da ke gabanta. Na farko ya ce a haɗa masa ayoyo da miyar gyaɗa. Yarinyar ta tsoma ludayi a ta gyaɗa, ta zuba, ta mayar da shi cikin ayoyo. A saman koren ayoyon sai ga wani siririn zare mai ruwan ƙasa yana yawo. Daga wannan lokacin miyar ayoyon ta tashi daga wadda yaron zai ci, duk da cewa Hajiya gaskiya ta faɗa. Wanke ludayin yanzu ba zai gyara tukunyar ba.

Mataki na huɗu, neman mafita ba tare da faɗa ba. "Hajiya, na ga ludayi ɗaya ya shiga duka biyun. Akwai sauran ayoyo a ciki da ba a fito da shi ba?" Masu abinci da yawa suna ajiye babbar tukunya a baya suna ƙarowa daga gare ta. Idan akwai, ta roƙi a ɗebo mata daga can da ludayin da aka wanke da sabulu, a zuba a robar da ta zo da ita. Idan babu, ta dubi jar miyar: tana da cokalinta daban? Tana nesa da ta gyaɗa yadda ɗigo ba zai faɗa ciki ba idan ludayi ya gifta? In haka ne, ta sayi tuwo da jar miya. In ba haka ba, ta sayi tuwo kawai, miya a yi a gida. Ta kuma tambayi lokacin da ake sauke tukwane, domin wanda ya zo farko, kafin ludayi ya fara yawo, shi ya fi samun miya mai tsabta.

Zuwa da robarka yana da dalili. Kwanonin wurin ana ɗauraye su a ruwa ɗaya wanda maiƙon miyar gyaɗa ke yawo a kansa. Asanka kuma, kwanon ƙasar nan da ake cin sakwara a ciki, cikinsa zane-zane ne da aka yi don niƙa, kuma markaɗen gyaɗa yana maƙalewa a tsakaninsu. Wanda larurarsa ta yi tsanani kada ya ci a asankar gidan abinci. Akwai kuma abin da mai abincin ma ba ta iko da shi, wato injin niƙa: a wasu wuraren injin da ya markaɗa gyaɗa shi ke markaɗa tumatir da barkono. Ga wanda ya taɓa shiɗewa saboda gyaɗa, ya dace a tambaya, "A gida kike markaɗe ko a inji?" Kuma gaskiyar magana, irin wannan mutum ya fi aminci a wurin da ba a dafa gyaɗa kwata-kwata.

Jatan lande, ƙaguwa da kifi

Wanda jatan lande ke tayar wa bori aikinsa ya fi wuya a Kumasi, domin ba a ganinsa ko kaɗan, garinsa ake sawa don ɗanɗano. Shito da busasshen kifi da garin jatan lande da barkono da citta da albasa ake soya shi, don haka a ɗauka yana ciki sai an tabbatar da akasin haka. A kwanon wakye hana shito bai isa ba. Jar miyar tana iya ɗauke da garin. Garin rogo da taliya sau da yawa da man saman miyar ake cuɗa su, shi ya sa suke ja. Akwai kuma dunƙulen magi da garin ɗanɗano na leda masu jatan lande, waɗanda mai dafuwa ba za ta tuna ta lissafa ba. Ka tambaya kai tsaye: "Magin da kika sa, mai hoton monko ne?" Miyar kuɓewa ta banku, tuwon masara mai tsami, ana yawan sa mata ƙaguwa, koriyar miyar abunabunu kuma dodon koɗi da busasshen kifi, wani lokaci da ƙaguwa. Wanda jatan lande ke cutarwa, yawanci ƙaguwa ma tana cutar da shi, kuma tsame ta daga miya ba ya tsame abin da ta zuba a ruwan.

Kifi larurarsa daban ce. Mutum yana iya cin kifi lafiya amma jatan lande ya kayar da shi, ko akasin haka, kuma likita ne zai tantance. Mai gudun kifi ya tambayi sunaye uku da ke narkewa cikin miya ba a gani: momoni, kifin da aka jiƙa da gishiri ya yi wari, kobi, busasshiyar karfasa mai gishiri, da amane, ƙananan kifin da ake ƙyafewa a daka.

Wannan salon tambaya shi ne kuma ke amfani ga Musulmi a gidan abincin da ba na zango ba. Wasu suna sa ƙafar alade mai gishiri ko naman daji a miya don ɗanɗano. "Preko nam wo mu ana?" ita ce tambayar naman alade, kuma a yi ta a kan miyar kanta, ba a kan yankan da za a sa maka kawai ba.

A otal ko babban gidan abinci, mai kawo abinci ba shi ya dafa ba. Ka ba shi 'yar takarda da aka rubuta abin da ba ka ci da Turanci, ka ce ya kai wa mai dafuwa ya dawo da amsa. Idan ya amsa nan take bai motsa ba, bai tambaya ba ke nan. Haka idan yaro za ka aika, ko ta waya za ka yi oda: saƙon baki yana raguwa a hanya, a rubuta.

Idan an riga an ci

Alamun suna fitowa ne daga 'yan mintoci zuwa kamar awa biyu. Ƙaiƙayin baki, kurajen borin jini a fata, ɗan kumburin leɓe ko ido su ne masu sauƙi. A daina ci nan take, a sha maganin ƙaiƙayin da likita ya rubuta, a zauna kusa da mutane ana lura, domin mai sauƙi yana iya juyewa.

Alamun haɗari su ne kumburin harshe ko maƙogwaro, dashewar murya, wahalar haɗiya, numfashi mai fito, tari ba tsayawa, amai a kai a kai, jiri, ko yaro ya yi laushi ya kwanta. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, maganinsa allurar adirenalin ce a cinya ta gefen waje. Wanda likita ya ba allurar da ake yi wa kai ya yi ta nan take, ko ta kan wando ne. Idan bayan minti 5 ba sauƙi kuma akwai ta biyu, a ƙara. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe maƙogwaro, ba ta kuma ɗaga jinin da ya faɗi. Manja, madara ko sa yatsa a baki don a yi amai ba sa taimakawa, ɓata lokaci ne, kuma mai kumburin maƙogwaro yana iya shaƙewa da su.

A kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya zauna da ƙafafu a miƙe. Kada a tayar da shi tsaye ko a sa shi tafiya da ƙafa zuwa bakin titi, domin miƙewa a wannan hali tana iya sa jini ya kasa kai wa zuciya. A kira 112, lambar gaggawa ta Gana, ko a ɗauke shi a mota zuwa asibiti mafi kusa. Daga Aboabo da Asawase asibitin Manhyia yana kusa, Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye kuma yana da sashen gaggawa. Da yaren Asante: "Bowa mi", taimake ni, "Mintumi nhomi", ba na iya numfashi, "Fa mi ko asopiti", kai ni asibiti.

A je asibiti ko da allurar ta yi aiki mutum ya warware, domin ciwon yana iya dawowa bayan wasu awoyi. A gaya wa ma'aikata abin da aka ci, ƙarfe nawa, da lokacin da alamun suka fara. A tafi da ragowar abincin idan akwai, kuma wani ya koma wurin mai abincin a ranar, cikin ladabi, ya rubuto duk abin da ta sa a tukunyar tun tana tunawa, har da mai da magi da inda aka yi markaɗe. Da wannan jerin likita zai san abin da zai gwada.